Minti goma a kan sauyin yanayi: ina Turanci zai tsaya, ina Hausa za ta ɗauka?

An ba ka minti goma a taron ƙara wa juna sani. Batunka shi ne yadda manoma za su daidaita nomansu da sauyin yanayi, kuma an ce wani ɓangare na jawabin ya kasance da Hausa, domin a zauren akwai malamai da jami'ai masu jiran Turanci, akwai kuma manoman da aka gayyato daga ƙauyuka. Yawancin masu shiri sukan fara da tambayar me za su faɗa. Ni kuwa, bayan na tsaya a irin wannan wuri sau da dama, na ga tambayar da ta fi wuya ita ce yadda za a raba harsunan nan biyu a cikin lokacin da bai isa a dafa shayi a sha ba. Hanyoyi huɗu na sani, kuma kowace da inda take biya da inda take cin mutum.

Kafin mu auna su, a daidaita a kan abu ɗaya. Minti goma ba ya ɗaukar "sauyin yanayi" gaba ɗayansa. Dabara ɗaya yake ɗauka. Idan ka ce za ka haɗa iri mai saurin nuna, da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon shekara, da barin tohon itatuwa a gona, da noman rani, to kowanne zai sami minti biyu, kuma babu wanda manomi zai iya komawa gida ya gwada. Don haka na ɗauki misali ɗaya da zan bi da shi cikin hanyoyin huɗu: tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa a faƙo don su tare ruwa da taki. A Burkina Faso ana kiransu zai, kuma sunan marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga ya shahara a kansu. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun je Yatenga a 1989 sun gani da idonsu, suka dawo suka yaɗa aikin a gonakinsu. Abin da za ka isar kaɗan ne: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara kusan mita ɗaya, ƙasar da aka haƙo a tara ta a ɓangaren gangare, a zuba takin gida kamar cikin hannu biyu, a yi aikin da rani, a shuka idan ruwa ya sauka sosai.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko lokaci: a cikin minti goman nan, nawa ne sabon bayani, nawa ne maimaici? Mutum mai magana a natse, yadda dattijo a bayan zaure zai ji, ba ya wuce kalma ɗari da goma zuwa ɗari da ashirin a minti. Cire minti ɗaya na gaisuwa da gyaran lasifika, abin da ya rage kusan kalma dubu ne, wato shafi biyu da ɗan abu. Na biyu kuɗi da kayan aiki. Na uku dorewa, ina nufin abin da zai rage a kan manomi bayan mako biyu, ranar da ya ɗauki diga. Na huɗu sauƙin shiri. Na biyar haɗari: me zai iya lalacewa a ranar, kuma in ya lalace, akwai mafita?

Hanya ta ɗaya: jimla da Turanci, jimla da Hausa

Wannan ita ce wadda aka fi yi, ko dai mai jawabi ya fassara kansa, ko a tsayar da tafinta a gefensa. Tana da kamar adalci, domin kowa ya ji komai. Amma lissafinta ba ya fita. Duk abin da ka faɗa sau biyu ne, kuma fassarar Hausa takan fi asalin tsawo, saboda kalmar ilimi guda ta Turanci sau da yawa sai an warware ta da jimla. A ƙarshe minti huɗu kawai ka yi magana, sauran maimaici ne. Wanda yake jin harsunan biyu, kuma su ne mafi yawa a irin wannan zaure, yakan gaji tun a minti na uku ya koma wayarsa.

Ta fuskar kuɗi, in kai ne tafintan kanka ba ka kashe komai ba. In wani ne, akwai ɗan abin hasafi, kuma akwai lokacin da dole ku zauna tare kafin ranar. Haɗarin yana nan. Na taɓa barin wani abokin aiki ya yi mini tafinta ba tare da mun zauna ba. Na ce a tara ƙasar da aka haƙo a ɓangaren da ruwa yake gangarawa, ya ce "a tara ƙasar a gefen ramin". Kalma ɗaya ta faɗi, kuma ita ce dabarar duka: in aka tara ƙasar a sama, ta tare ruwan ya kauce wa ramin, aikin rani ya tafi a banza. Ina tsaye ina ji, gyarawa kuma ta ci mini rabin minti da kunyar abokina. Wannan hanya ba ta da wahalar shiri a ido, amma ita ce ta fi barin ƙaramin kuskure ya shige ba a lura ba.

Hanya ta biyu: a raba lokacin gida biyu

Nan ka ba Turanci rabonsa a farko, ka rufe, ka juya ga manoma da Hausa, kuma ba ka maimaita abu ɗaya. Kowane harshe da aikinsa. Turanci ya ɗauki abin da malamai suke son ji: matsalar, inda dabarar ta fito, lissafin hekta. Hausa ta ɗauki abin da hannu zai yi. Ga yadda nake raba shi a kan tassa.

Minti na farko na gaisuwa ne, kuma da Hausa. Kada ka yi rowar wannan. Shugaban taro, malamai, sarkin noma in yana nan, iyaye maza da mata, kowa a ambace shi a jimla biyu. Sannan ka faɗi tsarin a fili: "Zan yi minti uku da Turanci saboda malamaina, sannan in dawo gare ku, kuma abin da ya shafi gona duk da Hausa zan faɗe shi." Manomin da aka gaya masa haka yakan yi haƙurin minti uku, domin ya san nasa na tafe.

Minti na biyu zuwa na huɗu Turanci ne, da shafi biyu ko uku a allon majigi. A nan lissafin yake. Hekta mita ɗari ce sau ɗari, don haka in tazara mita ɗaya ce, ramuka dubu goma ke nan. In kowane rami ya ci taki giram 300, hekta ta ci tan uku. Aikin haƙa kuwa ana ƙiyasta shi da awa 300 ko fiye a hekta, wato mutum ɗaya mai aikin awa biyar kullum zai yi wata biyu cur. A nan ne kuma za ka faɗi iyakar dabarar: ta dace da wuraren da ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 zuwa 800, a ƙasa mai tauri da ruwa yake gudu a kanta.

Minti na biyar zuwa na tara Hausa ce zalla, kuma ba fassarar abin da ya gabata ba. Santimita ta koma taƙi, mita ta koma taku, giram ya koma cikin hannu. "Baba, ka san faƙon nan da ke bayan gonarka, wanda ko ciyawa ba ta fitowa? Ka auna taku goma nan, taku goma nan. Rami ɗari ke nan. Faɗin kowanne taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfinsa kusan taƙi. Ƙasar ka tara ta ta inda ruwa yake gudu ya tafi, kamar jinjirin wata, bakin ramin ya fuskanci inda ruwa yake fitowa." Daga nan ka faɗi dalilin zuba taki tun da rani: gara takan zo cin takin, ta yi ta huda ƙasa, ramukanta su zama hanyar da ruwa zai shige. Na lura wannan maganar gara ita ce take sa zaure ya yi tsit, domin manomi ya saba ganin gara a matsayin maɓarnaciya. Lissafin rami ɗari kuwa mai sauƙi ne: taki bai fi kilo talatin ba, aikin kuma na yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ba ka ce masa ya haƙa hekta ba, domin wanda aka gaya wa aikin wata biyu a zafin bazara zai yi maka godiya ya tafi abinsa.

Minti na ƙarshe na gargaɗi ne: ba a yin tassa a jigawa, domin yashi zai cike ramin da iskar farko ko ruwan farko, ba a kuma yin ta a fadama ko inda ruwa yake kwanciya, domin shukar za ta ruɓe. Ɗanyen taki a ramin da ruwa bai wadace shi ba yana iya ƙona tsiro, don haka ruɓaɓɓe ake so. Wannan minti shi ne aka fi yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ne yake hana mutum asara.

Kuɗin wannan hanya kaɗan ne, majigin zaure ya isa. Shirinta ya fi na ɗaya wuya, domin jawabi biyu ne ƙanana kake rubutawa, kuma na Hausar dole ka rubuta shi da Hausa tun daga farko. Haɗarinta ɗaya ne babba: ɓangaren Turanci yakan ci na Hausa. Mutum ya ga malaminsa yana gyaɗa kai sai ya ƙara bayani, kafin ya farga an miƙo masa takardar "saura minti biyu", manoman da aka kwaso tun asuba su tashi da gaisuwa kawai. Maganinsa ka sa wani a layin gaba ya ɗaga hannu a ƙarshen minti na huɗu, ka tsaya ko a tsakiyar shafi kake.

Hanya ta uku: allo da Turanci, baki da Hausa

Rubutun da ke allo na malamai ne, maganar da ke fita ta manoma ce, duka a lokaci ɗaya. A lissafin lokaci babu wadda ta kai ta, minti tara cif na sabon bayani. Kuɗinta daidai da ta biyu.

Matsalarta a harshen mai magana take. Ido yana kallon Turanci, baki yana ƙoƙarin Hausa, abin da yake fitowa Ingausa ne: jimlar Hausa da duk kalmomin da suka fi muhimmanci a cikinta na Turanci ne. Manomi ya ji "za mu", "saboda", "don haka", amma abin da za a yi ɗin bai ji ba. Kalmar "yanayi" kanta tana da santsi. Tana nufin halin sararin sama na yau, tana nufin lokacin shekara, tana nufin halin da mutum yake ciki. In ka ce "sauyin yanayi" ka wuce, wani zai ɗauka shigowar hunturu kake nufi. Sai ka warware ta da abin da ya sani: damina ta makara, ruwa ya sauka a shuka sannan ya ɗauke mako biyu ko uku shuka ta bushe, ko ya zo da yawa a dare ɗaya ya gudu bai shiga ƙasa ba. Wannan warwarewa ba ta zuwa a tsaye a gaban jama'a, sai an shirya ta a gida. Wanda zai bi wannan hanya ya rubuta jerin kalmomi goma da ya san za su ba shi wuya, ya nemo Hausarsu a bakin malamin gona ko wani tsohon manomi, ya kuma rage rubutun allo ya koma hoto da lamba. In aka ɗauke wuta, waɗanda ba sa jin Hausa sun fita daga jawabin gaba ɗaya, kuma ba ka da abin ba su.

Hanya ta huɗu: Hausa da kaya a hannu, Turanci a takarda

Ka zo da babban faranti cike da jar ƙasa da aka jiƙa aka danne aka bar ta ta bushe ta yi tauri, da buta, da ɗan taki a leda. A rabin farantin ka ƙwaƙule ƙananan ramuka uku da ƙasarsu a ɓangaren gangare, ɗaya rabin ka bar shi a shafe. Ka jingina farantin a kan bulo ya karkata, ka zuba ruwa daga sama. Ɓangaren da ba rami ruwa ya gudu ya zube, ɗayan kuwa ya tsaya a ramuka. Abin bai fi daƙiƙa talatin ba, amma ya yi aikin da shafi biyar ba za su yi ba. Turanci a nan minti ɗaya ko biyu ne a farko, sauran yana cikin takarda shafi ɗaya da ka raba wa malamai kafin ka tashi.

Ta fuskar dorewa ita ce gaba, nesa ba kusa ba. Abin da ido ya gani yakan kai gona, kuma wanda ya gani yana iya nuna wa maƙwabcinsa da ƙasar ƙofar gida. Ba ta bukatar wuta. Kuɗinta na buga takardu ne da ɗawainiyar ɗauko kaya. Amma tana son gwaji a gida sau biyu ko uku, domin in ƙasar ba ta yi tauri ba ruwan zai shige ko'ina, gwajin ya nuna akasin abin da kake faɗa. A zaure mai mutum fiye da hamsin na baya ba za su gani ba. Kuma in taron na neman maki ne, wasu malamai za su ga kamar ba ka nuna zurfin karatu ba, sai fa in takardarka ta yi ƙarfi.

| Ma'auni | Jimla-jimla | Raba lokaci | Allo da baki | Kaya a hannu |
|---|---|---|---|---|
| Sabon bayani | kusan minti 4 | minti 8 zuwa 9 | minti 9 | minti 7 zuwa 8 |
| Kuɗi | hasafin tafinta | kaɗan | kaɗan | buga takarda da kaya |
| Abin da zai rage wa manomi | kaɗan | mai kyau | ya danganta da Hausarka | mafi yawa |
| Wahalar shiri | da sauƙi a ido | matsakaiciya | babba | babba |
| In an ɗauke wuta | ba damuwa | a karanto lambobin | marasa jin Hausa sun ɓace | ba damuwa |
| Babban haɗari | kuskuren fassara | Turanci ya ci lokacin Hausa | Ingausa | gwaji ya ƙi |

Lambobin mintin nan daga abin da na auna a nawa shirye-shiryen ne, naka zai iya bambanta da ɗan kaɗan. Hanyar da za ka sani ita ce ka yi jawabin da ƙarfi, a tsaye, agogo a gabanka, kuma ɓangaren Hausar ka yi shi a gaban wanda ya taɓa riƙe fartanya. Bayan ka gama kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane don kara. Ka ce masa: "Kawu, in gobe za ka haƙa, ta wane ɓangare za ka tara ƙasar?" In ya amsa daidai, jawabin ya tsaya da ƙafarsa. In ya yi jim, ka koma kan wannan jimlar.

Wace ce taka?

In kai ɗalibi ne, malamai za su ba da maki, manoma kuma baƙi ne a zauren, ka ɗauki ta biyu. Ita ce take ba kowane ɓangare haƙƙinsa ba tare da ka dogara da wani ba, kuma ita nake ba kusan duk wanda ya tambaye ni. A Maradi ko Damagaram tsarin bai canza ba, Faransanci ne kawai zai zauna a gurbin Turanci.

In kai malamin gona ne ko ma'aikacin wata ƙungiya, manoma su ne mafi yawa, jami'ai 'yan kaɗan ne a teburin gaba, ta huɗu ce taka, musamman in taron ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da mutum zai iya tashi daga zauren ya fara haƙa washegari.

Ta uku sai ga wanda Hausarsa ta gona ce, wanda ya tashi yana jin binne da maimai da huɗa a gida, kuma kusan kowa a zauren yana jin Hausa, Turancin allo don rahoto ne kawai. In ka san kai ɗan birni ne da Hausarka takan tsere wa Turanci da zarar an shiga maganar ilimi, ka bar ta.

Ta ɗaya kuwa a wuri ɗaya kawai nake yarda da ita: mai jawabin ba ya jin Hausa sam. In haka ne, ya rage jawabinsa ya koma na minti huɗu tun daga gida, ya ba tafinta rubutun kwana biyu kafin taro, su zauna su bi ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, kuma tafintan ya zama wanda ya san bambancin faƙo da jigawa.